Taƙaitaccen Bita: Siffofin Ƙasa da Kogi ke Haifarwa

Ga 'yan aji biyu na babbar sakandare. A bita kafin gwajin Alhamis.

Duk siffar da ke cikin wannan babi daga aiki biyu take fitowa: ko kogi ya ci ƙasa, ko ya sauke kayan da ya ɗauko, wani lokaci ya haɗa biyun. Inda ruwa ke da gudu, ci yake yi. Inda ya gaji, saukewa yake. Bara rabin aji sun haddace sunaye, aka tambayi dalili suka yi shiru, maki kuwa a dalili yake.

MAFARIN KOGI: gangare, ruwa mai gudu

Kwari mai siffar V. Ruwa na haƙa ƙasa da duwatsun da yake jan su, ruwan sama kuma na zubo da gefe biyu ciki.

Gurbin dutse. Tsakuwa ta faɗa ƙaramin rami, ruwa na juya ta kamar taɓarya a turmi, har ramin ya zurfafa ya yi santsi.

Matsirga. Ku natsu a nan, kusan kullum tana fitowa. Ana samunta inda dutse mai tauri ya hau kan mai laushi. Ruwa ya fi saurin cin mai laushin, sai tsani ya fito. Ruwan da ke faɗowa ya haƙa gurbi mai zurfi a gindi, yana kuma rarake ƙarƙashin mai taurin har ya rasa madogara ya karye. Haka matsirgar ke ja da baya zuwa mafari. Misali: Gurara a Jihar Neja, da wadda ke kusa da Kafanchan.

Kwazazzabo. Sawun da matsirga ta bari ne bayan ta daɗe tana ja da baya: rami matsattse mai bango a tsaye. Inda kwari ya matse irin haka ake son gina madatsa.

TSAKIYA: gangare ya ragu, cin ya koma gefe

Gwiwar kogi, wadda littafinku ke kira miyanda. A wajen kwana ruwa ya fi gudu da zurfi, yana cin gindin gaɓa har ta tsaya kamar katanga. A cikin kwana gudun ruwan ya ragu, yana zubar da yashi. Ci a waje, ajiya a ciki, a lokaci guda, don haka gwiwar ke ƙara lanƙwashewa. In kun zana, ku sa kibiyar gudun ruwa ta wajen kwana. Wannan kibiyar kaɗai ta sha kayar da mutane.

Tafki mai siffar kofaton doki. Gwiwa ta lanƙwashe har wuyanta ya sirance. Ranar ambaliya ruwa ya fasa wuyan ya miƙe, laka ta toshe bakin tsohuwar hanya biyu, ruwan ciki ya zama tafki. Zane uku ake so: kafin fashewa, lokacin fashewa, bayanta.

ƘARSHE: shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kogi ya gaji

Fadama. Kogi ya cika ya malala, ruwan ya lafa, laka mai taushi ta kwanta, shekara bisa shekara. Wannan lakar ce ke ba da tumatir da albasa da shinkafa. Babban misali shi ne dausayin Haɗeja da Nguru. Ku lura, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ambaliyar da ke isa can ta ragu.

Ganuwar kogi. Da ruwa ya tsallake gaɓa ƙarfinsa ke karyewa, sai ya fara yar da yashi mai nauyi nan kusa, lakar ta wuce can nesa. A hankali tudu ya tashi a gaɓa biyu, kamar badala, sai dai ba hannu ya gina ta ba.

Kogi mai kitso. Kaya sun fi ƙarfin ruwa, sai ya zube su tsakiyar hanya, ya rarrabu yana kewaya tsibiran yashi yana sake haɗuwa. Wanda ya bi titin Zariya da rani ya leƙa daga gadar Tamburawa: yashi fal, ruwa siriri.

Dalta. Kogi ya shiga teku ko tafki, gudunsa ya mutu, ya sauke komai a bakinsa, kayan suka tare masa hanya ya rabu rassa. Sharaɗinta biyu: kaya da yawa, da igiyar ruwa wadda ba ta kai ta kwashe su ba. Misali: Neja Dalta, inda Kwara ke shiga Atilantika bayan tafiyar kusan kilomita 4,180. Kada ku kira Lokoja dalta. Can mahaɗa ce, Kwara da Binuwai suka haɗu.

GWADA KANKA, littafi a rufe

1. Me ya sa matsirga ke ja da baya?
2. Manomi zai kafa rumbu a gaɓar gwiwar kogi. Wane gefe za ka hana shi, kuma don me?
3. Ware siffofin nan goma: na ci, na ajiya, da waɗanda suka haɗa biyun.