Amsata kan cajbak ɗin dala 180, katin da ya ƙare da 4417

Salam Malam Sani, barka da aiki, ya fama da jama'a.

Ina rubuto maka ne kan cajbak ɗin, wato ƙorafin mai kati na a mayar masa da kuɗinsa, da ya faɗo mana a dashbod ɗin kamfaninku mai karɓar mana biya ranar 14 ga Oktoba 2024, wanda aka sa wa lambar `10.4`, wato mai katin ya ce wa bankinsa ba shi ya yi siyayyar ba, wani ne ya yi amfani da katinsa a intanet. Ban yarda da wannan magana ba, kuma ina so ku kai amsata ga bankin nasa kafin wa'adin 30 ga Oktoba da kuka ba ni. Na sa Yaya Rabi a kwafi tunda ita ke riƙe mana lissafi kuma tun jiya take tambayata ina dala 195 ɗin da ta ɓace daga balans, zan yi mata bayani a ƙasa, in na faɗi ba daidai ba ka gyara min.

Abin da muke siyarwa darussan bidiyo ne ta intanet, mutum ya biya kuɗin wata uku a buɗe masa, in sun ƙare shi da kansa zai dawo ya sake biya, ba ma cire wa kowa kuɗi kai tsaye. Biyan da ake gardama a kai na ranar 3 ga Satumba 2024 ne, dala 180.

Babbar hujjata ita ce wannan bawan Allah ba baƙo ba ne a wajenmu. Da wannan katin dai ya biya ranar 3 ga Maris 2024, ya sake biya ranar 3 ga Yuni 2024, duk biyun bai ce uffan ba, babu ƙorafi babu komai. In ka ƙirga zuwa ranar da cajbak ɗin ya shigo na farko kwana 225 ne na biyu kwana 133, to ka ga duk sun shiga cikin ƙa'idar da Visa ta fito da ita a Afrilun 2023, wadda ta ce in ɗan kasuwa ya nuna tsofaffin biya guda biyu da ba a yi jayayya a kansu ba, waɗanda suka kai kwana 120 amma ba su wuce 365 ba, kuma bayanai biyu suka zo ɗaya da biyan da ake ƙorafi a kai, to hujja ta tsayu. Mu namu ma uku ne suka zo ɗaya: akawun ɗin da aka shiga da shi ɗaya ne, lambar na'urar ɗaya ce, sannan adireshin intanet ɗin da aka biya daga shi a duk karo ukun shi ne `203.0.113.47`. Na sa hoton kowanne a fayil na 1 zuwa na 3. Don Allah ka zaɓi sashen wannan ƙa'ida, wato `Compelling Evidence 3.0`, wajen turawa, kar a tura shi a matsayin amsa ta gama-gari.

Fayil na 4 rajistar shiga ce. Bayan biyan Satumba an shiga akawun ɗin sau 22, an kalli darasi na 9 har zuwa na 16, aka koma daidai inda aka tsaya a watan Agusta aka ɗora daga nan. Ni dai ban taɓa jin ɓarawon katin da zai zauna ya ƙarasa wa mai kati karatunsa ba. Fayil na 5 kuma imel ne da ya turo mana ranar 20 ga Satumba daga adireshin da ya yi rajista da shi, yana cewa bidiyon darasi na 12 yana tsayawa a minti na 7, muka gyara muka amsa masa washegari, ya rubuto "na gode, yanzu yana tafiya". Wannan fa kwana 17 bayan biyan da yake cewa bai san da shi ba. Na 6 rasit ne da sharuɗɗanmu da ya danna ya amince da su, lambobi ukun bayan kati ma sun dace lokacin biyan.

Abu ɗaya da zan faɗa tun kafin a tambaya, biyan bai bi ta `3-D Secure` ba, wato matakin da bankin mai kati ke tantance shi kafin biya ya wuce, da ya bi da yawanci alhakin irin wannan ƙorafi kan bankinsa zai koma. Kuma ni ban ce mutumin maƙaryaci ba ne, sunan da ke fitowa a sitatimen sunan rajistar kamfani ne ba sunan shafin ba, mai yiwuwa ya gani bai gane ba ya kira banki. Na tura masa saƙo sau biyu shiru.

To Yaya Rabi, maganar kuɗin. Ba su Malam Sani suka yanke mana hukunci ba, ba a ma fara duba maganar ba tukuna. Yadda abin yake, da mai kati ya kai ƙorafi bankinsa yakan mayar masa da kuɗin a akawun na wucin gadi, sai bankin ya bi ta Visa ya ciro kuɗin daga bankin da ke karɓar mana biya, to kin ga kuɗin sun riga sun bar hannun su Malam Sani tun ranar farko, su kuma ba za su zauna da rami a littafinsu wata biyu suna jiran abin da ba su san ƙarshensa ba, in ɗan kasuwa ya kwashe balans ɗinsa ya rufe harka wa za su kama? Shi ya sa suke cirewa daga namu nan take, kuma yana cikin yarjejeniyar da muka sa wa hannu. Dala 180 ɗin ita ce ake gardama a kai, in muka ci za ta dawo. Dala 15 ɗin kuɗin aikin cajbak ne, don su ma ana cajinsu kan kowane ƙorafi ga ma'aikatan da ke bin takardu, kuma a ƙa'idar akawun ɗinmu ba ta dawowa ko mun ci, wannan kam ya min ciwo amma haka aka rubuta. Ki rubuta 15 ɗin a kashe-kashe, 180 ɗin ki ajiye ta gefe a matsayin wadda ake jira, bankin mai katin ne zai yanke kuma yakan kai wata biyu ko ya ɗan wuce.

Sannan don Allah Yaya kar ki danna masa rifon don a zauna lafiya, na san halinki. Kuɗinsa suna hannunsa yanzu, in kika sake turawa ta wata hanya mun biya sau biyu kenan kuma cajbak ɗin yana nan a lissafinmu, su kamfanonin kati suna ƙirga yawan ƙorafin da ke kan ɗan kasuwa ne ko ya ci ko bai ci ba. In shi ya gane kuskurensa, bankinsa zai kira ya janye, ya turo mana shaidar janyewar mu haɗa.

Malam Sani, tunda sau ɗaya ake tura hujja ba a ƙari daga baya, ka duba min fayilolin guda shida ko akwai wanda bai fito sosai ba, musamman na 4 da rubutunsa ƙanana ne, in akwai gyara ka faɗa min kafin Juma'a in sake ɗauka. Na dakatar da akawun ɗin mutumin har a gama. In bankin ya ƙi amincewa ka sanar da ni nawa ne kuɗin mataki na gaba kafin a ɗaga maganar, don in ya fi 180 ɗin ba zan bi ba.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Hadiza