Ana sayar da Corolla ƙirar 2008, a Hotoro, Kano

Assalamu alaikum. Motata ce zan sayar, Toyota Corolla LE ƙirar 2008, ruwan toka, mai giya otomatik, injin 1.8. Ni ne mai ita, ba dillali ba. Na saye ta Beljiyam a 2018, ba wanda ya hau ta a Najeriya kafin ni.

Mita tana nuna 168,400, amma a kula, 'yar Amurka ce, da mil take ƙirga. A kilomita ya kai kusan dubu 271. Tana kan mil dubu 112 na karɓe ta, kuma tun daga ranar ba a taɓa mitar ba. Yawanci gida zuwa ofis ne, sai Zariya duk ƙarshen wata.

Bakanike ɗaya ne yake duba ta tun da na saye ta. Duk wata uku nake juye baƙin mai da filta, ina rubuta kwanan wata a ɗan littafi, zan ba mai saye. Ba a taɓa sauke inji ko giya ba. Bara na sa sabon lagireto da filogi huɗu. Batir watansa bakwai, da rasit. Tayoyin gaba sababbi ne, na baya kuwa sun ci rabi.

Ga aibobinta, gara ku ji daga bakina. Esi yana sanyi, amma gas ɗin yana zurarewa, bayan kamar wata biyu sai an ƙara. Shokozoba na baya sun gaji, tana ƙara in ta faɗa rami. Tana ɗan shan baƙin mai, ina ƙara kamar rabin lita kafin lokacin juyewa, sai dai ba ta hayaƙi. A 2022 mai adaidaita ya goge ƙofar baya ta dama, aka buga aka yi fenti. A rana za ka ga launin ya ɗan bambanta. Casis bai taɓu ba. Gilashin gaba akwai ɗan tsagu ta ƙasa, kujerar direba kuma ta yage a gefe.

Takardu na asali ne, da sunana: ta kwastan, shaidar mallaka, lasin mota, takardar lafiyar mota da inshora, ukun ƙarshe sai Nuwamba za su ƙare. Ku gwada lambar casis da ta takarda. Makulli biyu ne, akwai safaya da jak. Ba bashin kowa a kanta.

Farashi naira miliyan 5 da dubu 600, na riga na cire kuɗin gyaran esi da shokozoba. Akwai ragi kaɗan, amma sai an gani.

Tana fake gaban shagon ɗinkin ƙanena, daura da masallacin Juma'a na Hotoro, kullum bayan la'asar ban da Juma'a. Ku zo da bakanikenku, zan bar injin da sanyi don a tayar a gabanku. Kada kowa ya tura kafin alƙalami, sai mun rubuta takardar ciniki gaban shaidu.