Aikin Gwaji na Huɗu: Yadda Bafa ke Riƙe pH, da Haɗa Bafar Asetet Mai pH 5.00

Takardar aiki ce ga ɗaliban aji biyu na sashen sinadarai, Jos, zangon hunturu. Za a shiga ɗakin gwaji ranar Laraba da ƙarfe takwas na safe. Kowa ya zo da farar rigarsa da tabarau na kariya, kuma ya gama lissafin da ke cikin wannan takarda a littafinsa tun daga gida. Wanda bai yi lissafin ba, ba zai taɓa sikeli ba.

Abin da bafa ke yi

Duk wanda ya taɓa ganin an jiƙa kanwa an zuba a ruwan zoɓo ya ga sauyin pH da idonsa: jan ya dushe ya yi duhu, tsamin kuma ya mutu. Ruwa zalla ya fi haka saurin juyawa, domin ba shi da abin da zai tare asid ko alkali. Mililita ɗaya na HCl mai ƙarfin 1.0 M ya isa ya faɗo da mililita 100 na tataccen ruwa zuwa pH 2. Bafa ita ce haɗin da za a zuba masa wannan asid ɗin amma pH ɗinsa ya ɗan gusa kawai.

Abu biyu ne ke cikinta, kuma dole kowanne ya kasance da yawa: asid mai rauni, wanda muke rubutawa HA, da abokin haɗinsa A⁻, wato abin da ya rage bayan asid ɗin ya saki H⁺. In asid ya shigo daga waje, A⁻ ne ke tarbarsa. In alkali ne, HA ke tarba.

A⁻ + H⁺ → HA
HA + OH⁻ → A⁻ + H₂O

Ku lura da kyau: H⁺ ɗin da aka zuba yana nan a cikin bika, sai dai an ɗaure shi a jikin asid mai rauni, wanda ba ya sakinsa sai kaɗan ƙwarai. Ma'aunin pH kuwa sakakken H⁺ kaɗai yake gani. Saboda haka HCl da NaCl ba sa yin bafa, domin Cl⁻ ba ya riƙe H⁺. Asid ɗin asetik shi kaɗai ma bai isa ba, tunda babu wadataccen A⁻ da zai tare asid.

Inda lissafin ya fito

Ka = [H⁺][A⁻] / [HA]

A ware [H⁺] gefe ɗaya, a ɗauki −log na ɓangarorin biyu, sai a samu:

pH = pKa + log([A⁻] / [HA])

Wannan shi ne lissafin Henderson da Hasselbalch. Lawrence Henderson ne ya fara rubuta dangantakar a 1908, yana nazarin yadda jini ke riƙe daidaitonsa. Sørensen ya fito da tsarin bayyana tsami da lambar pH a 1909, daga baya Karl Hasselbalch ya mayar da lissafin zuwa sigar log da muke amfani da ita yau. A jinin mutum, HCO₃⁻ ya ninka narkakken CO₂ kusan sau 20, pKa kuma 6.1 ne. Tunda log 20 ya kama 1.3, sai ga 7.4 ta fito.

Idan [A⁻] da [HA] sun zo daidai, log 1 sifiri ne, pH ya zama pKa, kuma a nan bafa ta fi ƙarfi ta kowane ɓangare. In ɗaya ya ninka ɗaya sau goma, pH ya matsa da maki ɗaya daga pKa, kuma ƙaramin ya kusa ƙarewa. Don haka zaɓen asid shi ne matakin farko, kafin kowane awo: a nemi wanda pKa ɗinsa bai wuce maki ɗaya daga pH da ake so ba. A digiri 25, na asetik 4.76 ne, na H₂PO₄⁻ 7.20, na Tris 8.06. Mai neman pH 7.2 don rina jini da Giemsa wajen duba ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, fosfet zai ɗauka. Asetet ba ta da abin yi a can, komai yawan gishirin da aka zuba.

Lissafin yana faɗin pH ne daga rabon da ke tsakanin abu biyun. Bai ce komai ba game da yawan asid da bafar za ta iya shanyewa. Bafa mai 0.01 M da mai 0.10 M za su iya zama da pH ɗaya, amma ta farkon za ta ƙare da kashi ɗaya cikin goma na abin da ta biyun za ta ɗauka.

Haɗin yau

Ana son mililita 500 na bafar asetet, jimillar ƙarfi 0.10 M, pH 5.00.

5.00 = 4.76 + log([A⁻]/[HA])
[A⁻]/[HA] = 10^0.24 = 1.74

Jimillar mol ita ce 0.10 × 0.500 = 0.0500. A raba ta kashi 2.74: HA ya ɗauki kashi ɗaya, mol 0.0183, A⁻ ya ɗauki sauran, mol 0.0317. Gishirin da ke kan benci sodiyom asetet ne mai ruwa uku a jikinsa, CH₃COONa·3H₂O, nauyin mol ɗinsa giram 136.08, don haka giram 4.32 za a auna. Asid ɗin kuma an riga an sirka muku shi zuwa 1.0 M, za ku ɗibi mililita 18.3 da biret.

Ku karanta jikin kwalbar gishirin da kanku kafin ku buɗe ta. Akwai busasshen sodiyom asetet wanda nauyin mol ɗinsa 82.03 ne, kuma na wannan giram 2.60 kawai ake buƙata. In aka auna giram 4.32 na busasshen, pH zai haura zuwa wajen 5.22. In aka auna giram 2.60 na mai ruwan, zai sauko 4.78. Duka biyun farare ne, kwalabensu kuma sukan zauna kafaɗa da kafaɗa a kan kanta, shi ya sa wannan kuskuren ya fi kowanne yawa.

Ba mu ba ku tsantsar asid ɗin ba saboda dalili biyu. Mililita 1.05 kacal za a buƙata, kuma kuskuren ɗigo ɗaya a wannan ɗan adadi babba ne. Sannan tsantsar asetik na daskarewa a digiri 16.6, sanyin da ɗakin ajiya a Jos kan kai da asubar Janairu. Wanda ya tarar da kwalba ta daskare kada ya kai ta kusa da wuta. A sassauta murfin, a tsaya da ita cikin ruwa mai ɗumi a akwatin zuƙe hayaƙi har ta narke duka.

A zuba kimanin mililita 400 na tataccen ruwa a bika, a narkar da gishirin, a ƙara asid ɗin, a gauraya sosai. Kada a cika ruwan zuwa 500 tukuna, domin ana buƙatar wurin gyara. A saita ma'aunin pH da bafar 7.00 da ta 4.01, a ɗauraye elektirod da tataccen ruwa, a ɗan taɓa bakinsa da takarda mai laushi ba tare da gogewa ba, a tsoma shi har ruwan ya rufe ƙwallon gilashin da 'yar ƙofar da ke samansa. A jira lamba ta tsaya.

Kada hankalinku ya tashi in kun ga 4.9 maimakon 5.00. Ku rubuta abin da kuka gani, haka yake. Lissafin ya ɗauka cewa kowane A⁻ na yawo shi kaɗai, alhali a gaskiya Na⁺ na kewaye da shi suna rage masa tasiri, sai ma'auni ya nuna ƙasa da lissafi da kamar 0.1. Abin ya fi tsanani a fosfet, saboda HPO₄²⁻ caji biyu gare shi: a 0.1 M, pKa ɗin da ke aiki ya fi kusa da 6.8, kuma wanda ya yi lissafi da 7.20 yana neman 7.4 zai tarar da ma'auni a wajen 7.0. Muna so wannan ya zauna muku a rai: lissafi na kai mutum kusa da wurin, ma'auni ne ke tabbatarwa.

A gyara da NaOH mai 1.0 M, ɗigo ɗigo, ana juyawa, ana jira bayan kowane ɗigo. In an zarce da kaɗan, a dawo da asid ɗin asetik. Kai da kawowa tsakanin HCl da NaOH na tara NaCl a cikin haɗin, kuma gishirin nan na iya ɓata aikin da aka haɗa bafar dominsa. In an zarce sosai, gara a zubar a sake. Da pH ya zauna a 5.00, a juye cikin filas mai layin mililita 500, a ɗauraye bikar sau biyu a zuba ciki, a cika ruwa har ƙasan lanƙwasar ruwan ta taɓa layi, ido daidai da layin. A toshe, a kifa a miƙe sau goma, a sake auna pH.

Ruwan famfo da na rijiyar burtsatse ba sa shiga wannan aiki, domin suna ɗauke da nasu narkakkun gishirai, har da bayikabonet, wadda ita ma bafa ce.

Gwada ƙarfinta

A ɗibi mililita 100 sau biyu a bika biyu. Bisa lissafi, kowace na da milimol 6.35 na A⁻ da 3.65 na HA. A ta farko a zuba mililita 1.0 na HCl mai 1.0 M: A⁻ ya koma 5.35, HA ya zama 4.65, pH ya sauka zuwa 4.82. A yi haka ga mililita 100 na tataccen ruwa a kwatanta.

A ta biyun a riƙa zuba NaOH mai 1.0 M daga biret, mililita ɗaya ɗaya, ana rubutawa. Lissafi ya ba da 5.20, sai 5.46, sai 5.92. Tazarar na ƙaruwa saboda HA na ƙarewa. A mililita na huɗu babu sauran HA da zai tarbi OH⁻, sai lamba ta yi tsalle zuwa wajen 11.5. Daga mililita na uku ku rage zubi zuwa 0.2 don ku kama inda tsallen ya fara. A wannan gaɓar lissafin Henderson da Hasselbalch ya daina aiki, tunda ba a raba lamba da sifiri, sai a koma lissafin rarar OH⁻.

A rahotonku ku zana pH a kan yawan NaOH, ku nuna inda bafar ta ƙare, ku kuma rubuta zafin ruwan da kuka auna da tamomita. Ga asetet zafi bai cika yin tasiri ba, amma mako mai zuwa Tris za mu haɗa, kuma pKa ɗinta na sauka da kusan 0.03 a kowane digiri ɗaya da zafi ya ƙaru. Wadda aka saita a pH 8.0 da safiyar hunturu a digiri 15 za ta koma kusan 7.4 a digiri 37.

Ragowar bafar a zuba a kwalba mai tsabta, a liƙa takarda mai suna da ƙarfi da pH da zafi da kwanan wata, a sa a firji. In ta yi gurɓi ko wani abu kamar zare ya bayyana a ciki, ƙwayoyin cuta sun shiga, a zubar. Elektirod kuma a mayar da shi cikin ruwan KCl na ajiyarsa, domin barinsa a tataccen ruwa na tsotse gishirin cikinsa, barinsa a fili kuma iskar hunturu na busar da gilashin.