Ciwon Cikin da Ba a Kwana da Shi a Gida

Jama'ar unguwa, masu kemis da ungozomomi, assalamu alaikum. Wannan takarda daga ma'aikatan ɗakin gaggawa na asibitinku ce. A manna ta inda kowa zai gani, a kuma karanta wa wanda ba ya karatu.

Mafi yawan ciwon ciki na ɓacin ciki ne, ko iska, ko cushewar bayan gida, ko ciwon mara na al'ada, kuma yana lafawa cikin yini guda. Amma akwai wanda aikin tiyata ne kawai maganinsa, kuma a irinsa kowace awa tana da muhimmanci. Marasa lafiyar da suka fi ba mu wahala su ne waɗanda aka kwana biyu ko uku ana ɗirka musu jiƙo da allurai a gida kafin a kawo su. Tsananin ciwo kaɗai ba ya nuna haɗari. Ana duba yadda ya fara, da inda yake, da abin da ya zo tare da shi.

Ku fara da taɓa cikin. Mara lafiya ya kwanta rigingine, ya ɗan lanƙwasa gwiwoyinsa, ku danna a hankali da tafin hannu. Cikin lafiyayye yana lotsawa. Idan kun ji shi tauri kamar katako, mutumin ya kwanta shiru ba ya son motsi, tari ko gargadar hanya tana sa shi ƙara, to alama ce wani abu ya fashe ko ya ɓule, ƙazanta ta malala cikin kogon ciki. A nan abubuwa uku ne suka fi jawo wannan. Akwai gyambon ciki da ya huda tumbi: ciwon yana zuwa farat ɗaya a saman ciki, mutum zai iya gaya maka daidai lokacin da ya soke shi, galibi kuma mai yawan shan maganin ciwon jiki ne irin diklofenak, ibufurofen ko asfirin. Akwai taifod da ta huda hanji, wadda ta fi kama yara da matasa a mako na biyu ko na uku na zazzaɓi. Yaron da ya kwana goma yana zazzaɓi, yau cikinsa ya kumbura ya yi tauri, kada a sake masa wani maganin maleriya, a kawo shi.

Na uku shi ne afendis, wato kumburin wani ɗan ƙaramin reshen hanji. Yana farawa a kusa da cibiya, ciwo maras takamaiman wuri, tare da rashin son abinci da tashin zuciya. Cikin awa 12 zuwa 24 sai ya gangara ƙasan ciki ɓangaren dama ya tsaya. Idan an wuce kwana biyu, haɗarin fashewarsa yana ƙaruwa sosai. Ga inda ake ruɗuwa: da ya fashe, ciwon kan yi sauƙi na ɗan lokaci, 'yan gida su ce an samu lafiya, bayan 'yan awanni kuma ya dawo ya game ciki duka.

Sai toshewar hanji. Ciwon yana murɗawa ya saki, ciki yana ta kumbura, ba bayan gida, ko tusa ba ta fita, amai kuma kore ne ko mai warin kashi. Amai kore a kowane shekaru, musamman ga jariri, na gaggawa ne. Mai kaba ya lura: idan kumburin matsematsi ko na cibiya da ya saba komawa in an kwanta ya ƙi komawa, ya yi tauri da zafi, hanji ne ya shaƙe, kuma hanjin yana iya mutuwa cikin 'yan awanni. Kada a danne shi da ƙarfi, kada a kai shi wajen wanzami a yi sakiya. Ga yaro ɗan wata 3 zuwa shekara 3, hanji kan shige cikin ɗan'uwansa: ya tsala ihu yana naɗe ƙafafu zuwa ciki, ya yi laƙwas na minti 15 ko 20, ya sake, daga baya ya yi kashi mai jini da majina. Iyaye kan ce haƙori ne ko atuni. Fitar haƙori ba ta sa kashin jini.

Jini a amai ko a bayan gida bai cika fitowa ja ba. Amai mai baƙin gari-gari, ko kashi baƙi mai danƙo kamar kwalta da mugun wari, jini ne da ya zuba a tumbi. Ƙwayar ƙarin jini da ake bai wa masu ciki ita ma tana baƙanta kashi, sai dai ba ta sa danƙo, ba ta kuma kawo jiri.

Mata, a nan muke roƙon a fi kula. Duk macen da ta yi ɓatan wata, ko da na mako biyu ne, ta ji ciwo a gefe ɗaya na mara, da ɗigon jini ko babu, a yi gwajin ciki a ranar. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa yakan fashe tsakanin mako 6 zuwa 10, jinin kuma a ciki yake zuba, ba a ganin sa. Alamarsa jiri, suma, farin ido da tafin hannu, wani lokaci da ciwo a ƙarshen kafaɗa. Kunya ba ta da wuri a nan, a gaya wa ma'aikaci gaskiyar ranar al'ada ta ƙarshe. Mai tsohon ciki da ta ji ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a bakin tumbi, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, ga kumburin fuska, hawan jinin masu ciki ne da ke kaiwa ga jijjiga. Haka nan a kawo ta da gaggawa idan mahaifa ta yi tauri ba ta saki, ko ɗa ya daina motsi.

Wani ciwon cikin kuma tushensa ba a ciki yake ba. Dattijo ko mai ciwon suga da ya ji nauyi a saman ciki da zufa da haki, yana iya zama bugun zuciya ne ake ta sha wa maganin olsa. Saurayi mai ciwon mara da amai, a tambaye shi maraina: idan ɗaya ya murɗe, kusan awa 6 ake da su a cece shi. Yaro mai sikila da cikinsa ya kumbura ta hagu, ya yi fari fat, jini yake bukata yanzu. Wanda ya faɗo daga babur ko saniya ta tunkuye shi, saifarsa tana iya zubar da jini ko da ba rauni a fata, ko da ya tashi ya yi tafiya da ƙafarsa.

Kowane irin ciwo ne, idan hannu da ƙafa sun yi sanyi, zuciya tana bugawa sama da 120 a minti ga babba, mutum yana sambatu, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko ido ya yi ruwan ɗorawa tare da zazzaɓi da rawar sanyi, a tafi asibiti, dare ne ko rana.

Idan kun yanke shawarar tahowa, kada a ba shi abinci ko kunu ko ruwa, domin in za a yi aiki ana son tumbi ba komai, kada ya yi amai ya shaƙe a lokacin barcin tiyata. Mai gudawa da amai kaɗai, wanda cikinsa ke da laushi, shi ne za a ci gaba da bai wa ruwan gishiri da sukari a hanya. Kada a ba da kanwa, ko maganin wanke ciki, ko tiramol. Ku nufi babban asibitin da ake tiyata kai tsaye, ku zo da kwalayen duk maganin da ya sha har da na gargajiya, da katin awo ga mai ciki, da 'yan'uwa biyu lafiyayyu da za su iya ba da jini.

Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin alamun nan, yana tafiya, yana shan ruwa, yana fitar da iska, zai iya hutawa a gida. Babba ya sha farasitamol mai miligiram 500 guda 2, bayan kowace awa 6 in da bukata, kada ya wuce guda 8 a awa 24. A sake taɓa cikin bayan awa 4 zuwa 6. Idan ciwon ya ƙaru, ko ya tattaru wuri ɗaya, ko ya kwana ya yini bai ragu ba, ku kawo shi mu duba. Jariri, da mai ciki, da tsoho kuwa ba a jira da su haka, a kawo su a ranar.