Gurbin Jinkiri da Hasashen Reshe: Takardar Darasi ta Mako na Bakwai, Tsarin Kwamfuta

Ɗalibai, a makon jiya mun tsaya kan faifulayin mai matakai biyar: `IF` inda ake ɗauko umarni, `ID` inda ake fassara shi a karanta rajista, `EX` inda ake lissafi, `MEM` inda ake taɓa ma'adana, sai `WB` inda ake rubuta sakamako. Muddin umarni suna bin juna a jere, kowane bugun agogo ɗaya na shiga, ɗaya na fita. Umarnin reshe, wanda ke iya karkatar da tafiya zuwa wani wuri a manhaja, shi ne ke kawo cikas. Idan furosesa ta ɗauko `bne`, reshen da ake bi in ƙimomi biyu ba daidai suke ba, a bugu na gaba dole ta ɗauko wani umarnin, alhali ba ta riga ta san ko za a bi reshen ko za a wuce ba. Ko da an matso da gwajin sharaɗin zuwa `ID`, bugu ɗaya na nan da ba a san abin da za a sa a ciki ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a tsaya a jira, amma ita ce mafi asara, domin a yawancin manhajoji ba a yin umarni da yawa ba tare da an ci karo da reshe ba.

Masu ƙera MIPS, aikin da John Hennessy ya fara a Stanford a 1981, sun ce a daina ɓoye wannan bugun. Suka sa doka a cikin harshen na'urar kansa: umarnin da ke bin reshe kai tsaye, za a aiwatar da shi ko an bi reshen ko ba a bi ba. Wannan wurin shi ne gurbin jinkiri. Nauyin cika shi ya koma kan kwamfaila ko asembula. SPARC na kamfanin Sun ya bi wannan hanya, haka ma PA-RISC na HP da SuperH na Hitachi.

Ga madauki da ke tara lambobin da ke jere a ma'adana. `$a0` na nuna lambar da ake kai, `$a1` na nuna ƙarshen jerin, jimilla tana cikin `$v0`:

```
      .set noreorder
loop: lw    $t0, 0($a0)
      addiu $a0, $a0, 4
      addu  $v0, $v0, $t0
      bne   $a0, $a1, loop
      nop
```

Wannan `nop` ɗin ba ya yin komai, amma yana cin bugunsa. Kowane zagaye umarni 5 ne, ɗaya daga ciki banza. Yanzu ku dubi wannan:

```
      .set noreorder
loop: lw    $t0, 0($a0)
      addiu $a0, $a0, 4
      bne   $a0, $a1, loop
      addu  $v0, $v0, $t0
```

An sauko da `addu` ƙasan reshen. Wanda bai san dokar ba zai ɗauka tarawar tana wajen madaukin, sau ɗaya kawai za a yi ta. A'a, tana gudana a kowane zagaye, har da na ƙarshe. Idan muka ɗauka babu wani tsaiko daga ɓangaren bayanai, zagaye ya sauka daga bugu 5 zuwa 4. Ku lura da dalilin da ya sa `addu` aka zaɓa: `bne` bai dogara da `$v0` ba. Da `addiu` aka saukar, reshen zai gwada tsohuwar ƙimar `$a0`, madaukin ya ƙara zagaye ɗaya ya karanta abin da ke bayan jerin. Layin `.set noreorder` kuma yana gaya wa asembula kada ta sa hannu, mu ne ke cika gurbin da kanmu.

Wurare uku kwamfaila ke neman abin cikawa. Mafi kyau shi ne daga saman reshen, kamar yadda muka yi, domin wannan umarnin dama dole a yi shi. In ba a samu ba, sai a kwafo umarni daga inda reshen zai sauka, ko a jawo daga hanyar da za a bi in ba a yi reshen ba. Waɗannan biyun caca ce: sai umarnin ya zama wanda ba zai ɓata komai ba idan tafiya ta bi ɗaya hanyar. Don a rage wannan takura ne SPARC ya sa bit na sokewa a umarnin reshe, MIPS II kuma ya kawo irin su `beql`, waɗanda ke soke abin da ke gurbin idan ba a bi reshen ba.

Ina so ku yi wa wannan dabara adalci. A tsakiyar shekarun 1980, lokacin furosesar R2000 ta MIPS, taransista na da tsada, faifulayin gajere ne, umarni ɗaya ake fitarwa a kowane bugu. A wannan yanayin, gurbin jinkiri ya kawar da yawancin asarar kusan kyauta, ba tebur, ba ƙwaƙwalwar tarihi. Kuma lokacin gudu a bayyane yake, mutum na iya ƙirga bugu da biro. Shi ya sa dabarar ta daɗe a furosesoshin sarrafa sigina: a dangin C6000 na Texas Instruments, reshe yana da gurbi har 5.

Hasashen reshe ya kama matsalar ta wani gefen. Ba a gaya wa mai rubuta manhaja komai. Furosesa da kanta take cankar inda za a bi, ta ci gaba da ɗauko umarni daga can. In ta canka daidai, ba a yi asarar komai ba. In ta kuskure, sai ta zubar da abin da ta ɗauko kafin ya rubuta sakamako, ta koma hanyar gaskiya. Hasashe mafi sauƙi ba ya buƙatar tarihi: reshen da ke komawa baya a ɗauka za a bi shi, tunda galibi madauki ne, mai zuwa gaba kuma a ɗauka ba za a bi ba.

Mai tarihi ya fi ƙarfi. A ɗauki ƙananan bit na adireshin reshen a shiga tebur da su. Idan bit ɗaya aka ajiye, wato abin da ya faru a karon baya, madaukinmu mai zagaye 100 zai jawo kuskure biyu duk lokacin da aka sake kiran sa: ɗaya a fita, ɗaya a zagayen farko na kira na gaba, domin teburin ya riƙe cewa ba a bi ba. Maƙirgi mai bit biyu, wanda ake dangantawa da binciken James E. Smith na 1981, yana gyara wannan. Ƙimarsa daga 0 zuwa 3 ce, tana hawa in an bi reshen, tana sauka in ba a bi ba, 2 da 3 na nufin a canki bi. Fita ɗaya za ta saukar da shi daga 3 zuwa 2 ne kawai, ra'ayinsa bai sauya ba, kuskure ya koma ɗaya. Sanin ko za a bi ba ya isa, sai an san ina za a sauka tun a matakin `IF`, don haka ake haɗa shi da teburin adireshin sauka. Pentium na 1993 yana da irin wannan mai gurbi 256. Daga nan bincike ya yi nisa: Yeh da Patt a 1991 sun kawo mai hawa biyu da ke duba salon tarihi, McFarling a 1993 ya haɗa tarihin dukkan rassa da adireshi, Jiménez da Lin a 2001 suka yi amfani da fasaftiron, wato ɗan lissafi mai koyo daga kurakuransa, Seznec da Michaud suka fito da TAGE a 2006.

Mu auna su da lissafi. Matsakaicin bugu ga kowane umarni shi ne:

```
CPI = 1 + f * m * p
```

inda `f` yawan rassa ne a cikin umarni, `m` kason da ake asara a kansu, `p` kuma bugun da ake rasawa kowane karo. Alƙaluman da ke tafe na atisaye ne, ni na ɗauke su don misali. A ce `f` 0.2 ne. A faifulayin mai matakai biyar `p` ɗaya ne. In kwamfaila na cika gurbi da aiki mai amfani kashi 60 cikin ɗari, za a samu 1.08. Mai hasashe da ke dacewa kashi 90 zai ba da 1.02. Tazarar ba ta kai a kashe taransista a kanta ba a wancan zamanin.

Yanzu a tsawaita faifulayin har `p` ya kai 15. Gurbi ɗaya bugu ɗaya yake rufewa, shi ma ba kullum ba, saura 14 na nan. In jira za a yi, asarar kowane reshe 14.4 ce, jimilla 3.88. Mai hasashe da ke dacewa kashi 95 yana ba da 1.15. Idan kuma furosesar tana fitar da umarni 4 a kowane bugu, rufe wannan rami da gurbin jinkiri na buƙatar umarni 60 marasa alaƙa da reshen. Babu kwamfailar da za ta samo su. Kuma wannan tsawo ba ƙage ba ne: Pentium 4 ya fara da matakai 20, samfurin Prescott na 2004 ya kai 31.

Babban aibin gurbin jinkiri a wurina ya wuce alƙaluma. An ɗauki siffar faifulayin guda ɗaya an rubuta ta cikin alkawarin da ke tsakanin na'ura da manhaja, kamar rigar sallah da aka ɗinka wa yaro cif-cif jikinsa, baɗi ba za ta shige shi ba. MIPS da kansa ya ɗanɗana. R4000 na 1991 yana da matakai 8, jinkirin reshensa bugu 3 ne, amma gurbi ɗaya ne a doka, don tsofaffin manhajoji su ci gaba da gudu. Sauran biyun na'ura ce ke ji da su. Daga nan duk furosesar MIPS mai sauri sai ta yi hasashen, sannan ta ci gaba da ɗaukar nauyin gurbin a kai.

Nauyin kuwa na gaske ne. Idan katsewa ta faɗo kan umarnin da ke gurbin, ina za a dawo? Ba za a dawo kan gurbin shi kaɗai ba, domin an manta inda reshen ya nufa. MIPS yana kunna bit `BD` a rajistar `Cause`, ya sa `EPC` ta nuna reshen, a sake yin su biyun. SPARC yana riƙe `PC` da `nPC` tare. Duk mai rubuta tsarin aiki, ko manhajar gano kuskure, ko mai kwaikwayon na'urar, sai ya biya wannan kuɗin. Alpha na DEC a 1992 ya ƙi gurbin tun farko, PowerPC da ARM ba su da shi, RISC-V da aka fara a Berkeley a 2010 ma haka. A 2014 fitowa ta 6 ta MIPS ta kawo rassa marasa gurbi, ta kuma cire irin su `beql`.

Kada ku fita da tunanin hasashe ba shi da haraji. Tebura na cin fili da wuta. Reshen da ya dogara da bayanai marasa tsari, kamar gwada lambobin da aka watsa barkatai, ba mai hasashen da zai fi rabi da rabi a kansa. Lokacin gudu ya zama da wuyar tabbatarwa, abin da ke damun masu ƙera na'urorin da dole su amsa cikin ƙayyadadden lokaci. Sannan a Janairun 2018 aka bayyana Spectre: maharin na horar da mai hasashen ya bi hanyar da bai kamata ba, kuma ko da an zubar da sakamakon, sawun da aka bari a kash, wato ƙaramar ma'adana mai sauri ta furosesa, na iya tona sirri. Gurbin jinkiri bai da wannan matsala, tunda abin da ke cikinsa umarni ne da doka ta ce a yi.

Aikin gida, a kawo ranar Talata kafin a fara darasi. Na ɗaya, ku sauya `bne` a madauki na biyu zuwa `bnel`, ku faɗi abin da zai samu jimilla da kuma dalili. Na biyu, ku zana teburin maƙirgi mai bit biyu da ya fara daga 0, a kan reshen da ke yin bi, bi, ƙi, sau huɗu a jere, ku ƙirga kurakurai. Na uku, da `f` 0.2 da `p` 15, ku nemo daidaiton hasashen da ake buƙata kafin `CPI` ya sauka zuwa 1.06.