Dalilin da ya sa lacin SR na ƙofofin NOR ke iya riƙe bit ɗaya

Takardar darasi ga ɗaliban shekara ta biyu na sashen lantarki. A karanta ta kafin gwajin ranar Alhamis.

Duk da'irorin da muka haɗa daga farkon zango zuwa yau halinsu ɗaya: abin da ke mashiga a wannan lokacin shi ne ke yanke abin da zai fito. Ƙofar AND ba ta san abin da aka ba ta ɗazu ba, haka ma da'irar tarawa da kuka yi a makon jiya. Ka sauya mashiga, mafita ta sauya, magana ta ƙare. Da'irar yau, wato lacin SR, ta saɓa wa wannan. Za ku ba ta mashiga iri ɗaya sau biyu, ta ba ku amsa biyu mabambanta, kuma ba lalacewa ta yi ba. Abin da ya faru da ita a baya ne ke zaɓar amsar.

Dokar ƙofar NOR guda ɗaya ce: ba ta fitar da 1 sai duka mashiganta biyu suna 0. Daga wannan doka abubuwa biyu ke fitowa, kuma a kansu darasin gaba ɗaya ya tsaya. Idan mashiga ɗaya ta zama 1, mafita 0 ce, ko me ke ɗaya mashigar. Wato 1 yana danne ƙofar. Idan kuwa mashiga ɗaya tana 0, ba ta da ta cewa, ƙofar sai ta koma mai juya abin da ke ɗaya mashigar kawai: a ba ta 0 ta fitar da 1, a ba ta 1 ta fitar da 0.

Sai haɗin. Ƙofa ta farko tana karɓar mashigar R, wato reset, mafitarta ita ce Q. Ƙofa ta biyu tana karɓar mashigar S, wato set, mafitarta ita ce Qn, kishiyar Q. Kowace ƙofa tana da sauran mashiga ɗaya, sai a ɗauko mafitar 'yar'uwarta a sa mata a nan.

```
Q  = NOR(R, Qn)
Qn = NOR(S, Q)
```

Ku lura Q ya dogara ga Qn, shi kuma Qn ya dogara ga Q. A da'irorin baya wuta tana tafiya ne daga hagu zuwa dama ta fice. A nan tana zagayowa.

Mu sa S da R duka a 0, mu tambaya: mene ne Q? Lissafin ba zai ba ku amsa ɗaya ba. Ɗauka Q yana 1. Ƙofa ta biyu tana ganin S = 0 da Q = 1, don haka Qn ya zama 0. Ƙofa ta farko tana ganin R = 0 da Qn = 0, don haka ta fitar da 1. Wannan 1 ɗin shi ne Q da muka fara da shi. Babu ƙofar da aka saɓa wa dokarta, saboda haka babu abin da zai motsa. To sake ɗauka Q yana 0. Ƙofa ta biyu tana ganin 0 da 0, Qn ya zama 1. Ƙofa ta farko tana ganin wannan 1, ya danne ta, Q ya zauna a 0. Shi ma ya tsaya daram.

Mashiga ɗaya, matsaya biyu, kowace tana tallafe da kanta. Wannan shi ne bit ɗin. Kada wani ya je yana neman sa a cikin ƙofa ta farko ko ta biyu. Ka zare waya ɗaya daga cikin wayoyin da suka gitta, kowace ƙofa ta koma mai mantuwa kamar yadda take. A zagayen yake zaune. Kuma ba caji ne aka zuba a wani wuri aka rufe ba. Ƙofofin biyu suna ta sake tabbatar da shi ne a kowane lokaci, da wutar da suke sha daga batir.

Me ya sa sai ƙofa biyu? Domin idan S da R suna 0, kowace ƙofa mai juyawa ce, juyi biyu kuwa yana mayar da abu yadda yake. Da a ce masu juyawa uku aka jera a zagaye, 1 zai zagayo a matsayin 0, 0 ya zagayo a matsayin 1, da'irar ta yi ta kaɗawa ba hutu. Ana yin irin wannan da gangan idan ana son mai kaɗawa, amma ba ya ajiye komai.

Akwai kuma dalili na wuta wanda teburin 0 da 1 ba ya nunawa. A kan allo babu 1, akwai bolt 5 ko abin da ya kusance shi. A ce hayaniyar wuta ta ja Q daga bolt 5 zuwa 4. Ƙofa ta biyu har yanzu 1 take karantawa, kuma ba ragaggen 0 za ta fitar ba, cikakke za ta fitar. Ƙofa ta farko ta karɓi cikakken 0, ta mayar da Q sama. Kowane zagaye yana goge ɗan kuskuren da ya shigo, saboda tiransistocin da ke ciki suna ƙara ƙarfin sigina. Da wayoyi da rizistoci zalla ba za a sami wannan ba.

Yadda ake rubutawa a ciki ba shi da wuya. A ce Q yana 0, ka ɗaga S zuwa 1. S ya danne ƙofa ta biyu, Qn ya faɗi 0. Ƙofa ta farko yanzu tana ganin 0 da 0, Q ya hau 1. Wannan Q ɗin ya dawo mashigar ƙofa ta biyu, sai ya zama 1 biyu ne ke danne ta: na S da na Q. Ka saki S, na Q yana nan, ba abin da ya sauya. S ya tayar da aikin ne kawai, Q ya karɓe shi. R yana yin haka ta ɗaya ɓangaren: ya danne ƙofa ta farko, Q ya faɗi, Qn ya hau, ya ci gaba da danne ƙofa ta farkon bayan an saki R.

Wanda ya taɓa tayar da famfon rijiyar burtsatse mai koren maɓalli da ja ya san wannan a hannu. Ka danna kore ka saki, injin bai tsaya ba, domin kontakta tana ja ta rufe wata ƙaramar hanya da ke ci gaba da ba ta wuta. Sai an danna ja take saki.

```
S R | Q(t+1)
0 0 | Q(t)
1 0 | 1
0 1 | 0
```

Sharaɗi ɗaya: dole S ya daɗe a 1 har sauyin ya ratsa ƙofofin biyu ya dawo. A ayisin da za mu yi aiki da shi kowace ƙofa tana ɗaukar kimanin nanosakan 10, don haka yatsan mutum ba zai taɓa yin saurin da zai kasa ba. A cikin da'ira mai gudu kuwa, gajeren bugu yana iya wucewa bai kama ba.

Layin da na bari a teburin shi ne S = 1 da R = 1, wanda littattafai ke cewa haramtacce. Ɗalibai da yawa suna zaton ayisin zai ƙone. Ba zai ƙone ba. Ƙofofin biyu duk an danne su, Q da Qn duka su zama 0, wanda ya riga ya karya alkawarin cewa ɗaya kishiyar ɗaya ce. Babbar matsalar tana wajen saki. Idan R ya riga sauka, S ya yi nasara, Q ya zama 1. Idan S ya riga, Q ya zauna a 0. Idan suka sauka tare, kowace ƙofa tana ganin 0 da 0, kowace ta yunƙura za ta hau, wadda ta riga da ɗan ƙiris ta danne ɗayar. Wace ce za ta riga? Ya danganta ga ƙananan bambance-bambancen tiransistoci, da nauyin da ke kan kowace mafita, har da zafi. Wani lokaci ma sukan maƙale a tsakiya, ba 0 ba ba 1 ba, na ɗan lokacin da ba wanda zai iya faɗin tsawonsa tun kafin ya faru. A ganina wannan shi ne layin da ya fi koyarwa, domin yana nuna akwai matsaya ta uku a tsakiya, sai dai ƙarin ƙarfin da ke tsare matsayan nan biyu shi ne ke ture da'irar daga wannan. Haka abin yake idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita: bit ɗin ya tafi, lacin zai faɗa duk ɓangaren da ya fi masa sauƙi. Shi ya sa injiniyoyi ke sa da'irar da za ta buga R da zarar an kunna na'ura.

Dabarar ta girmi kwamfuta. William Eccles da F. W. Jordan sun haɗa irinta a Birtaniya a 1918, da kwalaben lantarki biyu, kowace tana riƙe da ɗayar. Kwamfutar da ta yi wa kumbon Apollo jagora zuwa wata a 1969, da ƙofofin NOR masu mashiga uku aka gina lissafinta. A yau kuma ƙwayar ajiyar bit ta SRAM da ke cikin wayar hannunku masu juyawa biyu ne a gitte, tiransisto huɗu, da wasu biyu na karantawa da rubutawa.

Ranar Alhamis kowane rukuni zai karɓi 74HC02 ɗaya, mai ƙafa 14 da ƙofofin NOR huɗu. Ƙafa ta 14 zuwa bolt 5, ta 7 zuwa ƙasa. R a ƙafa ta 2, S a ta 6. Ƙafa ta 1 ita ce Q, ku haɗa ta da ta 5. Ƙafa ta 4 ita ce Qn, ku haɗa ta da ta 3. A ƙofofin nan biyu na wannan ayisin mafita tana zuwa ne kafin mashigai, ba kamar 74HC00 da kuka saba ba, don haka ku ƙirga da kyau. Kowane maɓalli ya sami rizisto na 10k zuwa ƙasa, in ba haka ba mashigar za ta yi ta shawagi idan an saki. Ƙafafu 8, 9, 11 da 12 na ƙofofin da ba mu buƙata su ma a kai su ƙasa. Ku sa LED da rizisto na 1k a kan Q, wani a kan Qn.

Bayan kun gwada layuka ukun teburin, ku danna maɓallan biyu tare ku saki sau 20, ku rubuta inda Q ya faɗa kowane karo. Ku kashe wutar allon ku kunna sau 20, shi ma ku rubuta. Daga ƙarshe, Q yana 1, ku zare wayar da ke tsakanin ƙafa ta 1 da ta 5, ku kai ta 5 ƙasa, ku danna S ku saki. A rahotonku ina son bayanin abin da fitilun suka yi, ƙofa bayan ƙofa.