Bayanin Shaida Kan Ɓacewar Buhu 42 na Takin Zamani a Sitonmu na Sakkwato

Zuwa ga shugaba da mambobin kwamitin bincike.

Ni ne mataimakin shugaban sito a reshenmu na Titin Gusau, Sakkwato, kuma shekarata 4 a wannan aiki. Ƙofar sito kwaɗo biyu gare ta: makulli ɗaya yana hannuna, ɗayan yana hannun shugaban sito, kuma ƙa'ida ita ce ba a buɗewa sai mu biyu muna tsaye.

Ranar Litinin ta makon farko na watan Yuni, da misalin ƙarfe 10 na safe, tirela ta iso da takin yuriya buhu 600, kowane buhu kilo 50. Ni na tsaya a bakin mota ina ƙirga 'yan dako suna saukewa, adadin ya dace da takardar rakiyar kaya, na sa hannu. Mun jera su tari 3 a kan katako, kowane tari hawa 10, kowane hawa buhu 20, wato huɗu a faɗi, biyar a tsawo. Tari na uku shi ne a lungu, kusa da ƙofar baya.

Ranar Laraba dillalinmu na Kware ya ɗauki tari na farko, ranar Alhamis na Wurno ya ɗauki na biyu, kuma duka biyun sun cika 200 cif.

Ranar Juma'a da misalin ƙarfe 12 aka kira ni daga gida cewa zazzaɓi ya rufe ɗana. Na nemi izinin shugaban sito, ya ce in tafi, amma in bar masa makullina ko wani dillali zai zo bayan an sauko daga masallaci. Na ba shi, ban sanar da manaja ba, ban kuma rubuta a littafi ba. Na san wannan ya saɓa ƙa'ida. Ban koma ba a ranar, domin muna asibiti har bayan sallar isha'i.

Ranar Asabar da ƙarfe 8 na safe ya mayar mini da makullin, ya ce babu wanda ya zo. Da muka shiga na lura da abu biyu. An share gaban tari na uku, har sawun tsintsiya yana nan, alhali mai shara sai Litinin yake zuwa. Sannan a tsagin siminti na bakin ƙofar baya akwai fararen ƙwayoyin yuriya, waɗanda suka fara narkewa saboda laimar ruwan da aka yi da dare. Na ɗauka zubar ranar sauke kaya ce, ko da yake ta ƙofar gaba muka shigo da kayan, kuma ya kamata wannan ya tsayar da ni. Ƙidayar ƙarshen mako daga waje muka yi ta, kamar yadda muka saba: na ƙirga hawa 10, na duba gefe huɗu, na rubuta 200, muka sa hannu mu biyu.

Ranar Litinin ba a fitar da yuriya ba. Ranar Talata da misalin ƙarfe 11 dillalin Gwadabawa ya zo ɗaukar sauran. Bayan an kwashe hawa biyu na sama, ɗaya daga cikin 'yan dako ya taka tsakiyar tarin, ƙafarsa ta zurma, ya yi salati. Na hau na duba, sai na ga an gitta katako huɗu, ƙarƙashinsu kuma rami ne. An zare buhuna 6 na tsakiya daga hawa 7, an bar na gefe a tsaye kamar bango, ta yadda mai kallo daga waje ba zai gane komai ba. Na dakatar da lodi, na kira manaja, muka ƙirga ɗaya bayan ɗaya a gabansa, muka samu 158. A ganina wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, domin sai an sauke buhu 40 na sama an kuma mayar da su.

Manaja ya kira mai gadin rana ya tambaye shi a gabana. Ya amsa da cewa, “Ranka shi daɗe, ran Juma'a na tafi masallaci, da na dawo wajen ƙarfe 3 na iske ƙofa rufe.” Shugaban sito yana wurin, ya ce shi ma masallaci ya tafi da makullan biyu a aljihunsa. Mun duba kwaɗunan gaba da sakatar ƙofar baya, wadda daga ciki kaɗai ake zare ta, babu alamar an ɓalle ko ɗaya.

Ban ga wanda ya fitar da kayan ba, kuma ba na ɗora wa kowa laifi. Makullina bai bar hannuna ba sai tsakanin ƙarfe 12 na ranar Juma'a da ƙarfe 8 na safiyar Asabar. Na miƙa wa sakataren kwamiti katin sito da katin asibitin ɗana. Na rubuta wannan bayani da hannuna, ba tare da tilastawa ba, kuma na sa hannu a kansa a gaban kwamiti.